Yadda ake sanya alamar lokaci da sunan mai magana a rubutaccen bayanin taro

Tun da na fara karɓar aikin mayar da sautin taruka zuwa rubutu a nan Maradi, tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga sakatarorin ƙungiyoyi da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu bincike a karkara ita ce: an riga an rubuta abin da aka faɗa a taro, to yaya za a nuna wanda ya faɗi kowace magana da kuma mintin da ya faɗe ta? Zan bi matakan bisa wani aiki da na yi wa wata ƙungiyar manoma ta wajen Jiratawa. Taronsu na shawara ne a kan ajiye gero a rumbun ƙungiya har farashi ya tashi. Mutum 7 ne suka yi magana, an naɗi sautin da wayar salula, kuma ya zo mini a fayil 2 domin an dakata an yi sallar La'asar. Tsawonsa gaba ɗaya awa 1 da minti 24 da daƙiƙa 30.

1. Kayan aiki da kuɗi

Ana buƙatar kwamfuta, da abin saurare mai rufe kunnuwa biyu, da takarda da biro. Sauraro ta lasifikar kwamfuta ba ya wadatarwa, domin muryoyin maza biyu masu kama da juna suna haɗewa a cikinta, ballantana idan fanka tana juyawa a ɗakin. Manhajojin da nake amfani da su duka kyauta ne: oTranscribe, wadda ake buɗewa a burauza, domin rubutu da sanya lokaci, VLC domin dubawa a ƙarshe, sai ffmpeg domin gyara fayil kafin a fara.

Abin da ke da tsada shi ne lokacinka. A hannuna, idan rubutun yana nan an gama shi, sanya lokaci da sunaye ga sautin awa 1 na taron mutane da yawa yana cin awa 2 zuwa 3. Saboda haka idan aikin kuɗi ne, ka yi ciniki bisa mintin sauti, kada ka yi bisa shafi, domin alamomin ba sa ƙara shafuka da yawa amma suna cinye yini. Idan, a misali, kuka daidaita a kan dala 20 kowane minti, wato sefa 100, taron minti 85 zai kama jika 8 da rabi. Ka tambayi adadin masu magana kafin ka yanka farashi, domin taron mutum 3 da na mutum 12 ba wahala ɗaya ba ce ko da tsawonsu ɗaya.

2. Tsayar da fayil guda ɗaya

Kowace alamar lokaci nuni ce zuwa wani wuri a cikin wani fayil takamaimai. Idan fayil ɗin ya canza bayan ka sanya alamomi, dukansu sun tashi daga aiki. Don haka kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, ka tsayar da fayil ɗin da kai da mai aikin za ku riƙa komawa gare shi, ka ba shi suna mai kwanan wata, ka rubuta sunan nan a saman takardar.

A aikin da nake misali da shi, kashi na farko yana da tsawon 00:47:12, na biyu kuma 00:37:18, kuma agogon na biyun ya sake farawa daga sifiri. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗe su. Ana rubuta sunayensu a wani ƙaramin fayil mai suna `jeri.txt` kamar haka:

```
file 'kashi1.m4a'
file 'kashi2.m4a'
```

Sannan a buɗe tagar rubuta umarni ta kwamfuta a cikin jakar da fayilolin suke, a ba da wannan umarni:

```
ffmpeg -f concat -i jeri.txt -ac 1 -ar 16000 taro.wav
```

Abin da zai fito fayil ɗaya ne na nau'in WAV, mai nauyin kusan megabait 2 a kowane minti, wato kimanin megabait 162 ga wannan taro. Na fi son WAV domin tsalle zuwa wani minti a cikinsa yana sauka daidai, alhali wasu fayilolin MP3 sukan sa manhajar saurare ta nuna lokacin da ya kauce da ƴan daƙiƙu idan an ja gaba ko baya.

Wanda ba zai iya haɗewa ba sai ya yi lissafi da hannu, ya ƙara tsawon kashi na farko a kan kowane lokaci na kashi na biyu. Maganar da ta zo a 00:12:55 a kashi na biyu za ta zama 01:00:07, domin daƙiƙa 12 da 55 sun ba da 67, wato minti 1 da daƙiƙa 7, sai minti 47 da 12 da wannan 1 suka cika 60. A nan ake yawan kuskure, mutum ya manta cewa lissafin agogo a 60 yake juyawa. Idan alamomin sun kai ɗari, gara ka nemi mai haɗe maka fayilolin.

Gargaɗi: kada ka yanke shiru, ko gaisuwar farko, ko hayaniyar shimfiɗa tabarmi, da nufin taƙaita sautin. Idan ka cire daƙiƙa 40 daga farko, mai aikin da ke riƙe da asalin sautin a wayarsa zai tarar da kowace alama ta kauce da daƙiƙa 40. In kuwa dole ne a yanke, a yanke yanzu, a miƙa masa yankakken tare da rubutun.

3. Tantance masu magana kafin komai

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin. Ka ajiye rubutun gefe, ka ɗauki takarda, ka saurari minti 10 zuwa 15 na farko ba tare da ka taɓa madannai ba. Yawancin tarukanmu ana buɗe su da addu'a, sannan shugaba ya yi maraba, wani lokaci kowa ya gabatar da kansa. Duk sabuwar muryar da ka ji, ka ba ta layi: lamba, muƙami ko suna idan an ambata, siffar muryar, da lokacin da ta fito fes ita kaɗai. Takardata ta wannan taro ta fara kamar haka:

```
M01  Shugaba   dattijo, a hankali, kusa da waya    00:01:40
M02  Sakatare  saurayi, yana surka Faransanci      00:04:15
M03  Ma'aji    mace, murya siririya, daga hagu     00:06:02
M04  Memba     namiji, yana yawan cewa "ka gane"   00:09:30
```

Lokacin da ke ƙarshen kowane layi shi ne ma'auninka. Idan ka kai minti na 50 ka ji wata murya kana shakka, sai ka koma 00:09:30 ka saurari daƙiƙa 10, ka dawo ka kwatanta. Siffar da ta fi amfani ba kaurin murya ba ce, domin murya tana sauyawa idan mutum ya fusata ko ya juya wa waya baya. Abin da ba ya sauyawa shi ne ɗabi'ar baki: wanda ke buɗe kowace magana da "to, ni dai a nawa gani", wanda ke ƙirga kuɗi da Faransanci, wanda harshensa ya nuna Bagobiri ne ko Bakatsine.

Akwai matsalar da ta keɓanta da tarukanmu, wato ba a cika kiran mutum da sunansa ba. A wannan taro akwai Alhaji biyu da Malam biyu, kuma ma'ajin ba ta taɓa ambatar sunan shugaban ba saboda kunya, sai dai ta ce "Baba". Idan ka ji an ce "Alhaji, me ka gani?" sannan wata murya ta amsa, abin da ka sani kawai shi ne ɗaya daga cikin biyun ne ya amsa. Maganin wannan shi ne ka nemi takardar mahalarta daga sakatare, sannan ka yanko daƙiƙa 10 na kowace murya, ko ka ba shi lokutan da ke takardarka, ya saurara ya gaya maka wane ne wane. Kira ɗaya na minti 5 ya warware mini duka bakwai ɗin.

Ka kuma tambayi mai aikin tun yanzu ko sunaye na gaskiya yake so ko muƙamai. Rahoton cikin gida na ƙungiya yakan ɗauki sunaye. Binciken ɗalibi kuwa, inda aka yi wa mutane alkawarin sakaya sunansu, lambobi ko muƙamai kawai yake ɗauka, kuma takardar da ke haɗa lamba da suna ba ta tafiya tare da rubutun, a wani wuri dabam ake ajiye ta.

4. Zaɓen tsari guda

Tsarin da nake bi shi ne lokaci a cikin baka mai kusurwa, sai alamar mai magana, sai ɗigo biyu, sai maganar, kuma kowane sabon mai magana yana fara sabon layi:

```
[00:31:08] M03: Buhu 140 ne a rumbu yanzu.
```

Ka rubuta awa da minti da daƙiƙa, kowanne da lamba biyu, tun daga farkon taro. Wanda ya rubuta 31:08 a farko, sannan ya rubuta 1:02 daga baya, ya bar mai karatu cikin ruɗu, ba a san ko minti 1 da daƙiƙa 2 yake nufi ko awa 1 da minti 2 ba. Wasu manhajoji sukan taƙaita lokacin da kansu kafin a cika awa, don haka sai ka daidaita su a ƙarshe.

Sau nawa za a sa lokaci? A taron mutane da yawa ina sa shi duk sa'ad da magana ta koma bakin wani. Idan mutum ɗaya ya yi doguwar magana, kamar yadda shugaban nan ya yi minti 6 yana bayanin bashin bara, ina ƙara alama a farkon sakin layi kusan kowane minti 1. Ina kuma sa alama ta musamman a duk inda aka ambaci kuɗi, ko adadi, ko aka yanke shawara, ko da a tsakiyar magana ne, domin wuraren nan ne za a dawo nema ranar da gardama ta tashi. A ƙasarmu ma akwai ƙarin dalili: wanda ya ce "ɗari biyar" da Hausa yana iya nufin dala 500, wato sefa 2,500, kuma dole mai karatu ya iya komawa ya ji da kunnensa.

Gargaɗi ga masu madannan Faransanci, waɗanda su ne suka fi yawa a nan: baka mai kusurwa tana fitowa ne da `AltGr` tare da maɓallin lamba 5 domin buɗewa, da `AltGr` tare da maɓallin rufe baka domin rufewa. Haka kuma idan harshen takardar Word ko LibreOffice yana kan Faransanci, manhajar takan cusa ɗan fili kafin ɗigo biyu da kanta, sai `M03:` ya koma `M03 :`, kuma neman alamar daga baya ya gagara. Ka canza harshen takardar, ko ka yi aikin a oTranscribe ka kwafo daga baya.

5. Zagayen farko: lokaci da lambobi

Ka buɗe oTranscribe, ka ɗora `taro.wav`, ka manna rubutun a filin rubutu. Maɓallan da za ka riƙe kaɗan ne: `Esc` yana kunnawa yana tsayarwa, `F1` yana komawa baya kaɗan, `F2` yana zuwa gaba, `F3` da `F4` suna rage sauri da ƙara shi, `Ctrl+J` kuma yana sanya lokacin da ake ciki a inda alamar rubutu take. A kwamfutocin hannu da yawa sai an haɗa da `Fn` kafin maɓallan saman su yi aiki.

Tsarin hannu shi ne: ka ji sabuwar murya, ka tsayar, ka koma baya har gab da kalmarta ta farko, ka kai alamar rubutu farkon maganar, ka sa lokaci, ka rubuta lambar mai magana, ka ci gaba. Komawa bayan nan wajibi ce, domin tsakanin jin murya da danna maɓalli daƙiƙa 1 ko 2 sukan wuce, kuma alamar da ta makara tana sa mai nema ya faɗa tsakiyar jimla, ya rasa kalmar farko, wadda sau da yawa ita ce "ban" ko "kada". Alamar da ta riga magana da daƙiƙa 1 ba ta cutar da kowa.

A wannan zagaye lambobi kawai za ka rubuta, M01, M02, ba sunaye ba. Ya fi sauri, kuma idan daga baya aka gano cewa wanda ka ɗauka ma'ajin hatsi ne ashe mataimakin shugaba ne, gyara ɗaya zai wadatar. Rage saurin sauti ba ya taɓa agogon fayil, don haka ka rage shi yadda kake so a wurare masu wuya, amma kada ka tantance murya a kan sautin da aka rage wa sauri, domin yana sauya kamanninta.

Gargaɗi: oTranscribe tana ajiye rubutun ne a cikin burauzar kwamfutar da kake aiki a kai. Idan aka share tarihin burauza, ko kana aiki a shagon intanet, rubutun zai iya ɓacewa. Ka fitar da kwafi zuwa fayil duk bayan minti 15 na sauti, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa.

6. Wuraren da magana ta cakuɗe

A nan ne ake gane aikin da aka yi da kulawa. Ga yadda wani wuri ya fito a taron, lokacin da aka zo maganar ranar sayar da geron:

```
[00:58:41] M01: Sai mu jira har watan biyar, sannan...
[00:58:44] M03: [ta katse] Baba, masu bashi ba za su jira ba.
[00:58:49] M04 da M06: [magana a haɗe, ba a ji ba]
[00:58:57] M05?: A sayar da rabi yanzu.
[00:59:01] Jama'a: Haka ne, haka ne.
[00:59:05] M01: [ya ci gaba] ...sannan mu ga farashi.
```

Wanda aka katse, maganarsa tana ƙarewa da ɗigo uku, kuma idan ya dawo ana ba shi sabon lokaci. Inda mutum biyu suka yi magana tare, idan ana jin kowanne sai a ba kowa layinsa da lokaci iri ɗaya, idan kuwa ba a ji sai a faɗi haka a fili tare da lokacin, domin wanda ya halarci taron ya saurara ko zai gane. Amsar taro gaba ɗaya, kamar amin bayan addu'a ko salati, ana ba ta alamar Jama'a.

Layin M05 mai alamar tambaya shi ne mafi muhimmanci a wannan misali. Shawarar sayar da rabi ita aka ɗauka a ƙarshe, kuma muryar ta zo daga nesa, daidai lokacin da babur ke wucewa. Na fi zaton M05 ne, amma M07 ma muryarsa kusan haka take. Da na rubuta M05 kai tsaye, da na ɗora wa mutum maganar da wataƙila ba tasa ba ce, a kan abin da ya shafi dukiyar mutane da yawa. Da sakatare ya saurara, ya tabbatar M07 ne. Dokar da nake bi ita ce, idan na saurara sau 3, na kwatanta da ma'aunin da ke takardata, kuma har yanzu ina shakka, sai in sa alamar tambaya in wuce. Idan ban da ko zato, in rubuta "Ba a tantance ba".

Sai ƙananan amsoshi, irin su "to", "na'am", "ƙwarai", "madalla", waɗanda Bahaushe ke jefawa yayin da wani ke magana domin nuna yana saurare. Idan ka ba kowanne layi da lokaci, jawabin minti 2 zai tsinke gida 15, ba mai iya karanta shi. A rahoton ƙungiya ina barin su, sai wanda yake amsa ce ta gaske. Idan shugaba ya ce "Kun yarda?" wani ya ce "To", wannan "to" ɗin amincewa ce, dole ta sami layinta da lokacinta da mai ita. Mai binciken harshe kuwa yana iya son duka, don haka a tambaye shi.

Idan akwai tafinta, kamar inda baƙo ya yi magana da Faransanci ko wani ya yi da Fulatanci ana mayarwa Hausa, tafintan yana da lambarsa dabam. Kada a rubuta fassararsa a ƙarƙashin sunan baƙon, domin tafinta yakan taƙaita, yakan kuma ƙara nasa. Hutun salla ko na cin abinci shi ma ana nuna shi a layi guda, kamar `[00:47:12] [an dakata domin sallar La'asar]`, saboda mai karatu ya san cewa agogon fayil ya ci gaba amma agogon bango ya yi tsalle.

7. Mayar da lambobi sunaye

Bayan sakatare ya warware alamomin tambaya, ka kwafe rubutun zuwa Word, ka ajiye kwafi ɗaya mai lambobi, sannan ka buɗe nema da sauyawa da `Ctrl+H`. Ka nemi `M03:` ka sauya da `Ma'aji:`, haka har ka gama. Dalilin sa sifiri a gaban lambar tun farko shi ne, wanda ya rubuta M1 kuma taron yana da mutum 10 ko fiye, idan ya sauya M1 zai ɓata M10 da M11 ba tare da ya lura ba. A layukan da ke da mutum biyu lambar ƙarshe ce kawai za ta sauyu da wannan nema, masu alamar tambaya kuwa ba za su sauyu ba, sai ka bi su da hannu. A saman takardar ka rubuta sunan fayil ɗin sauti, tsawonsa, ranar taro, jerin masu magana, da ma'anar alamomin da ka yi amfani da su.

8. Dubawa kafin miƙawa

Ka buɗe `taro.wav` a VLC, wato wata manhaja dabam da wadda ka yi aikin da ita, ka zaɓi wurare 10 a warwatse daga farko zuwa ƙarshe. Da `Ctrl+T` za ka rubuta lokaci ta kai ka can kai tsaye. A kowane wuri ka duba abu biyu: ko maganar ta fara cikin daƙiƙa 1 zuwa 2 bayan alamar, da kuma ko muryar ta wanda aka rubuta ce.

Yanayin kuskuren yana nuna tushensa. Idan duk wuraren sun kauce da adadi ɗaya, to an yanke wani abu a farkon fayil, ko ba fayil ɗaya kuke kai ba. Idan na farko daidai suke amma duk waɗanda ke bayan wani minti sun kauce da adadi ɗaya, matsalar tana mahaɗar kashi biyu, a aikinmu 00:47:12, kuma lissafin ƙarin ne za a sake. Idan kaucewar ba ta da tsari, nan daƙiƙa 2 can 4, hannunka ne ke makara, kuma yawanci za ka tarar abin ya fi muni a kashin ƙarshe inda gajiya ta kama ka, sai ka sake bin wannan kashi.

Daga nan ka gangara da ido a kan lokutan kawai, ka tabbatar kowanne ya fi na samansa ko ya yi daidai da shi, domin lamba ɗaya da aka buga ba daidai ba, kamar 00:35:10 a tsakanin 00:53:02 da 00:53:40, nan take take bayyana. Sannan ka nemi sunan kowane mai magana da `Ctrl+F` ka ga sau nawa ya fito. Idan mutumin da sakatare ya ce ya yi magana sosai ya fito sau 2 kacal, wani kuma ya fito sau 60, akwai yiwuwar ka haɗe muryoyi biyu a lamba ɗaya, sai ka koma ma'auninka ka bi layukan mai 60 ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Wajen miƙawa, ka haɗa rubutun da ainihin fayil ɗin da ka yi aiki a kai. Idan nauyinsa ya yi yawa ga layin intanet, ka sa shi a filashi, ko ka matse wannan haɗaɗɗen fayil ɗin zuwa ƙaramin nau'i ba tare da yanke komai ba, ka sake gwada wurare 3 a cikin matsattsen, sannan ka tura shi ta WhatsApp a matsayin takarda domin ya isa da sunan da ka rubuta a saman rubutun.